Wayar da Ta Rantse Akwai Iyafis

Ranar Alhamis da ƙarfe biyu za su kira ni. Haka matar laburaren ta ce ranar da na kai takardata, har sau biyu ta faɗa tana kallona ta saman tabarau: mu uku muka rage, gurbi ɗaya ne, wadda ba ta ɗauki waya ba, za a tsallake ta a kira ta gaba. Aikin ba wani babba ba ne. Jera littattafai, liƙa musu lamba, rubuta sunan wanda ya ara. Daga takwas na safe zuwa ɗaya, kwana biyar a mako. Amma tun da na fito daga ginin nan ƙanshin takardunsa bai bar hancina ba.

Babu wanda ya sani a gidanmu. Ranar da na je, ce wa Mama na yi, layi na tarar a kantin magani.

Gidan namu ɗaki biyu ne a hawa na uku, labule ne a tsakaninsu. Na gaba na Mama ne da keken ɗinkinta da buhunan audugar da muke cusa wa filo. Na ciki gadon Baba ne, da katifata a ƙasa. Wata goma sha tara ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ma ta tafi, sai 'yan kalmomi da suke fitowa a karkace. Da can mai gyaran agogo ne. Ni nake juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ni nake goge masa jiki, ni nake ba shi abinci. In ya yi barci sai in fito in cusa filo. Mama ce mai ɗinkin da muke ci da shi, kuma bayanta ba ya son ɗaga nauyi. Yayana yana aiki a wani gari mai nisa. Ba wanda ya taɓa cewa in zauna. Zaman ne kawai ya zo ya same ni, ya kuma yi daidai da ni kamar an auna.

Da safiyar Alhamis ɗin ina goge wa Baba jiki sai gwiwarsa ta bugi robar ruwan, ruwa ya zubo mini a cinya. Wayata tana aljihun rigar aikina, aljihun da kullum cike yake da ɓurɓushin auduga. Na ciro ta na goge da gefen zane, na ga tana haske lafiya lau, na mayar.

Wajen ƙarfe tara ta yi ƙara. Yaya ne. Na ɗauka na kara a kunne, shiru. Na yi sallama, shiru. Na ce, “Yaya? Yaya?” har sau huɗu. Na duba fuskar wayar, daƙiƙoƙi suna ta tafiya, kira yana nan bai yanke ba. Sai ya kashe, ya turo saƙo da sunan tsokanar da yake kira na:

“Tabarau, ina jin ki ras. Ke ce kika kurmance?”

A nan na lura da ɗan zanen da ke can sama kusa da batir, mai kamar baka da ƙwallo biyu. Alamar iyafis, abin sauraron da ake sawa a kunne. Na juya wayar na duba ramin da ake sa shi. Babu komai a ciki. Rabona da iyafis ma ya fi wata shida, tun da nawa ya mutu kunne ɗaya, ɗayan ya bi shi, Mama ta ɗaure bakin buhun auduga da igiyarsa. Ga shi can ina hango shi ta gefen labule.

Na kunna wani karatu da na ajiye, ba sauti. Na danna maɓallin ƙara murya, sai wayar ta rubuto mini gargaɗi wai sauraro da ƙarfi ta iyafis yana lalata kunne. Na kashe ta na kunna. Alamar ta dawo ta zauna a inda take, kamar baƙon da ya ga wurin kwana.

Na ƙirga da yatsa, ko da yake na san amsar: awa biyar.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake yi. Na kafa baki a ramin na hura da ƙarfi, na sake hurawa.

“Malama, busa kika koma?” in ji Mama daga bayan keke. Malama take ce mini tun ina ƙarama, saboda ko kwalin sabulu na samu sai na karanta shi.

“Wayar ce ba ta magana.”

“Ta yi gadon mai ita. Kawo nan.”

Na kai mata don ba ni da dalilin hanawa. Ta ɗaga ta wajen taga, ta kanne ido ɗaya, ta leƙa ramin. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko 'yar robar man keke mai dogon baki.

“Mama, a'a!”

“Ɗigo ɗaya. Duk abin da ya cije mai yake so. Shekara ashirin ina da keken nan, kin taɓa ganin na kai shi wurin wani?”

“Ba keke ba ne. Don Allah.”

“To allura fa?” Ta zaro ɗaya daga wuyan rigarta.

Na karɓe wayata da hannu biyu. Ta bi ni da kallo.

“Wa zai kira ki da kike rawar jiki haka? Ko an yi mini suruki ban sani ba?”

“Yaya ne kawai.”

“Yayanki ya san lambata.” Ta dafa ƙirjinta, inda 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai take kwana take tashi. “Filo arba'in, Malama. Mai ɗauka zai zo ƙarfe uku, saura goma sha ɗaya. Waya ba ta cusa auduga.”

Na yi tunanin wayar tata. In cire layina in sa a ciki, minti goma kawai. Amma kiran mai ɗaukar kaya take jira, kuma sai na faɗi dalili. Na yi tunanin tura wa laburaren saƙo, sai na tuna lambar ta wayar tebur ce, ba ta karɓar rubutu. Ta tagar ɗakin Baba, tsakanin ƙarafan, ina hango lemar mai gyaran waya a ƙetaren titi, shuɗiya, da mutum biyar tsaye suna jiran layinsu. Saukar bene, ƙetare titi, jira, dawowa. Ko rabin awa ban taɓa yi a waje ba sai da dalilin da Mama ta sani, kuma yau kowane minti nata ne.

Da na juya Baba ƙarfe goma, na zauna a gefen gadonsa na bincika a wayar, tunda idonta dai bai mutu ba. Na karanta shafi uku. Duk abu ɗaya suka ce. A cikin ramin akwai 'yan ƙananan ƙarafa da suke gaya wa waya an sa iyafis. In ƙura ko gashin yadi ya taru, balle ya jiƙe, sai ya haɗa su, waya ta ɗauka an sa, ta riƙa tura duk sauti can. A kashe waya. A ciro dattin a hankali da abin da ba ƙarfe ba. A bar ta ta bushe inda iska take. Kada a hura da baki, don numfashi ma damshi ne.

Na karanta layin ƙarshen nan sau biyu.

Na kashe wayar, na samo tsinken sakace a kicin, na dawo. Na zura tsinken, na ji ya taɓa wani abu mai taushi, sai na danna, na juya, na sake dannawa. Ban ma san abin da nake yi ba sai da Baba ya buga katakon gado da hannunsa na hagu.

Kallona yake yi, ransa a ɓace. Ya ɗaga yatsa ya tura shi gaba, ya girgiza kai. Sannan ya lanƙwasa yatsan kamar ƙugiya, ya jawo shi baya a hankali.

Kunya ta kama ni. Hannuna aikin da ya saba yake yi. Kullum da sanda nake tura auduga cikin kusurwar filo har ta yi tauri, yanzu ma abin da na yi wa ramin ke nan, na danƙare dattin a can ƙasa.

Baba ya nuna tsinken, ya nuna haƙorinsa. Na ɗan ciji bakin tsinken har ya lanƙwashe kaɗan. Ya nuna taga. Na matsa inda haske yake, ya nuna in juya ramin ya kalli ƙasa. Na bi gefen ramin, ba tsakiya ba, kamar yadda yatsansa yake zanawa a iska, na karkata, na jawo.

Wani ɗan dunƙule ya fito, toka-toka, a jiƙe, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na sake, wani ya biyo. A karo na huɗu har da jan zare.

“Ya…wwa,” in ji Baba. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga. Rabon da in ga fuskarsa haka har na manta. Idonsa yana kan wayar kamar yadda yake kallon cikin agogo a da, kuma ni na san abin da yake taya ni gyarawa, shi bai sani ba. Na kasa haɗa ido da shi.

Na kunna. Alamar ba ta nan! Har na buɗe baki zan gaya masa, sai ta ƙifta, ta dawo. Ta tafi, ta sake dawowa, ta zauna. Dattin ya fita, damshin bai fita ba.

Saura abu ɗaya da na karanta ban gwada ba. Na kira Yaya, da ya ɗauka na danna sifika.

“TABARAU! KUNNEN YA BUƊE?”

Muryarsa ta cika ɗakin har Baba ya zabura.

“Gaishe shi!” Mama ta ɗaga murya daga gaba. “Ki ce masa ya daina ihu, ba a tasha yake ba!”

To, ga hanya ta samu. Zan iya jin mai kira, amma sai duk gidan ya ji tare da ni.

Na tsara abin a raina. Baba zai ci abinci ƙarfe ɗaya. Bayan ya ci dole ya zauna a miƙe rabin awa, haka likita ya ce, in ba haka ba abincin zai iya komawa ta hanyar numfashi. Ɗaya da rabi in kwantar da shi. Biyu saura biyar in ce zan zubar da shara, in tsaya a kan matakala tsakanin hawa na uku da na biyu. Na kashe wayar, na jingina ta da kofi a gaban fanka, ramin yana kallon iska. Shafin ya ce awoyi da yawa, wani lokaci har kwana. Ni awa uku nake da su.

Na fita na cusa filo bakwai. Auduga tana shiga mini hanci, Mama tana taka keke tana ba ni labarin maƙwabciyarmu da ta kawo labule a rage masa tsawo sau uku. Ina ta cewa “uhm” a inda ya dace, da inda bai dace ba.

“Na ce mijinta ya faɗi a banɗaki, kin ce madalla,” in ji Mama.

“Sannu na ce.”

“Madalla kika ce. Yau dai ba kya cikin garin nan.”

Ƙarfe ɗaya na kai wa Baba dankalinsa da na dama ya yi laushi. Na ɗaga shi na jingina. Cokali na biyu ya sarƙe shi. Ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, na riƙe shi ina shafa bayansa, Mama ta leƙo ta tsaya sai da numfashinsa ya daidaita ta koma. Daga nan ya rufe baki. In ya tsorata haka yake yi, kuma ba a yi masa dole. Na jira. Na miƙa cokali, ya kau da kai. Na sake jira. Agogon bango, wanda shi ya gyara shi da hannunsa, ya nuna ɗaya da kwata, ya nuna ɗaya da rabi.

“Baba, don Allah. Ko kaɗan. Maganinka ba ya son cikin wofi.”

Sai biyu saura ashirin da biyar ya yarda. A hankali, rabin cokali, a jira ya haɗiye, a duba bakin, sannan wani. Ban gaggauta ba. Ina so in rubuta wannan a sarari, ban gaggauta ba, ko da yake idona yana kan agogo. Ya gama biyu saura goma.

Rabin awa daga nan, biyu da minti ashirin ke nan.

Baba ba ya zama shi kaɗai. Jikinsa yana zamewa ta ɓarin da ya mutu, a hankali, kamar buhun da ba a cika ba. Filo ba ya riƙe shi, mun gwada. Gida cike da filo har rufi, amma kafaɗar mutum yake buƙata. Na zauna a damansa kamar kullum, nauyinsa ya sauko mini.

“Mama,” na kira. “Ko za ki zo ki riƙe shi minti biyar? Shara zan zubar.”

“Sharar gudu take yi? Huɗu suka rage mini, ga bakunan ban rufe ba. Bari sai an ɗauki kaya.”

Na miƙa hannun dama iyakar tsawonsa, na jawo wayar daga gaban fanka da kan yatsu. Na kunna. Yayin da take buɗewa na yi alkawura da yawa a zuci. Ta buɗe. Alamar tana nan.

Biyu ta yi. Biyu da minti ɗaya. Keken Mama yana ta sukuwa. Kan Baba ya kwanto kusa da kunnena, ina jin numfashinsa. Biyu da huɗu. Na fara cewa a raina wataƙila sun riga sun ɗauki ta farko, kuma abin kunya, na ji wani sanyi-sanyi na sauƙi.

Sai ta yi ƙara.

Na ɗauka na kara a kunne, ko Allah zai sa. Shiru. Na san tana can tana magana, tana jin numfashina, ta ɗauka wata sakarya ce ta ɗauki waya ta ƙi amsawa. Na ce, “Ina zuwa, don Allah, minti ɗaya.” Na kalli ƙofa. Taku shida ne daga inda nake. In na tashi, Baba zai kife.

Na danna sifika, na rage murya har ƙasa. Ƙarar keke ta haɗiye ta gaba ɗaya. Na ƙara ɗaya. Na ƙara biyu.

“…kina ji na yanzu?”

“Ina ji, ranki ya daɗe. Ina wuni.”

“Lafiya lau. Daga laburare ne, kan maganar aikin nan. Na ga gwajin da kika yi na jera kati, ke kaɗai ce ba ki yi kuskure ko ɗaya ba.”

Nauyin da ke kafaɗata ya canza. Baba bai motsa ba, amma na ji ya saurara.

“Na gode.”

“Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kin rubuta cewa kin bar makaranta saboda jinyar mahaifinki. Yaya jikin nasa?”

“Da sauƙi.”

A daidai nan keken ya tsaya. Na san wannan tsayawar, zaren ƙasa ne ya ƙare. Gidan ya yi tsit, har ina jin fanka tana juyawa. Yatsana yana kan maɓallin rage murya, amma na riga na makara.

“Wadda ta riƙe gurbin nan kafin ke,” in ji matar, muryarta tana bugun bango, “kullum da uzuri. Yau yaro, gobe asibiti. Ba na son in sake. In kina nan daga takwas zuwa ɗaya, wa zai kula da shi?”

Amsar da na shirya tun mako biyu ita ce kaɗai a kaina, ita ta fito.

“Mahaifiyata tana gida.”

Labule ya motsa. Mama ta tsaya a bakin ƙofa, almakashi a hannunta, auduga a gashin girarta.

“Madalla. Kun yi maganar da ita? Ta yarda?”

Na kalli Mama. Na roƙe ta da ido, ban ma san me nake roƙo ba, ta ce eh ko ta ce a'a, ta ƙwace wayar, ta yi wani abu dai. Ba ta yi komai ba. Ta bar ni da tambayar. Daƙiƙoƙi suna tafiya a fuskar wayar. Hannun Baba na dama, wanda ba ya ji, yana kwance a kan cinyata.

In na ce a'a, an gama, gobe ta zama kamar jiya. In na ce eh, na yi ƙarya a gaban mutum biyun da ban taɓa yi wa ƙarya ba sai a kan wannan maganar.

“Ba ta ce a'a ba,” na ce.

Ina jin matar tana juya takarda.

“To. Zan gwada ki wata ɗaya. Litinin, takwas saura kwata. Kika makara sau biyu, kada ki jira in gaya miki. Kin ji?”

“Na ji. Na gode, ranki ya daɗe.”

Ta kashe.

“Ba ta ce a'a ba,” in ji Mama a hankali. “Yaushe aka tambaye ta?”

“Mama…”

“Tun yaushe?”

“Mako uku.”

“Ranar layin kantin magani.”

Na sunkuyar da kai.

“Ni na ɗauka saurayi ne. Wallahi da saurayi ne da na san abin da zan ce.” Ta kalli almakashin kamar ba ta san yadda ya zo hannunta ba. “Yayanki ya tafi, ban ce komai ba. Ke ma kin nemo ƙofarki a ɓoye. Ni wa zan kai wa takarda, Malama? Ina ne ake ɗaukar irina daga takwas zuwa ɗaya?”

Ba ta jira amsa ba. Ta saki labulen. Na ji ta sa zare, keken ya tashi.

Saura minti goma sha biyu kafin a kwantar da Baba. Ban taɓa sanin minti goma sha biyu suna da tsawo haka ba. Ba zan iya tashi ba, ba zan iya juyawa in ga fuskarsa ba, shi ma ba zai iya matsawa daga jikina ba ko da yana so. Muka zauna manne da juna muna kallon bango ɗaya.

“Baba, ka yi haƙuri,” na ce wa bangon.

Ya ja numfashi. Ya daɗe yana kokawa da kalmar, ina jin muƙamuƙinsa yana motsi a kafaɗata.

“Lit…tin,” ya ce.

Ban gane ko tambaya ce, ko izini, ko ƙorafi ba. Har yau ban sani ba. Muryarsa ba ta da hawa da sauka yanzu. Da lokaci ya cika na kwantar da shi, ya rufe ido tun kafin in gyara masa mayafi.

Mai ɗaukar kaya ya zo uku da kwata. Na sauke filo arba'in hawa uku, biyar-biyar, Mama tana miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Alamar iyafis ɗin kuwa sai washegari da hantsi ta ɓace da kanta, lokacin da ramin ya gama bushewa, ba wanda ya ko lura sai ni.

Amma a yammacin Alhamis ɗin, ina wanke kwanon Baba, na ji Mama ta shiga ɗakin ciki. Na bi ta. Tana durƙushe da tef ɗin awo, tana auna tsakanin gado da bango.

“Kama nan,” ta ce.

Na kama bakin tef ɗin. Ta ja, ta duba, ta je ta auna keken, ta dawo ta sake aunawa.

“Ba zai shiga ba sai an fitar da wancan.” Ta nuna kwalin littattafaina da ke kusurwa, wanda nake ɗora fitila a kai. “Ƙarƙashin teburin yanka za su koma, in sun sha ƙura ke kika sani. Ɗinki zan iya yi a nan ina ganinsa. Auduga ba za ta shigo ɗakin nan ba, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Cusawa taki ce, in kin dawo, ko guda nawa ne.”

“To.”

“Ki juya shi kafin ki fita. Na goma da na sha biyu…” Ta dafa ƙugunta, ta miƙe da kyar. “Ki nuna mini yadda kike yi da zanen gadon nan, da ba kya ɗaga shi sai dai ki ja.”

“Bayanki fa, Mama?”

“Yanzu kika tuna ina da baya?”

Na kalli kwalin, ita ta ci gaba.

“Wata ɗaya ta ce. Ni ma wata ɗaya na ce. In ban iya ba zan gaya miki a fuskarki, ba sai kin ji a sifika ba.” Ta naɗe tef ɗin a yatsunta. “Ba ki ci komai ba tun safe. Je ki ci, ki zo mu ja keken nan tun ina da ƙarfi.”

Na durƙusa na rungumi kwalin. Ya fi yadda nake zato nauyi, gindinsa ya fara buɗewa, dole na ajiye na riƙa kwasa da hannu, shida-shida, ina wuce Mama a bakin labule, ita tana matsawa gefe. A zuwa na uku na tarar ta zauna a gefen gadon, a damansa, ta kama bakin zanen da hannu biyu tana gwada nauyin.